Mayeloma: Sankarar Ɓargo da Ke Ɓuya a Bayan Ciwon Baya

Idan dattijo ya yi kukan ciwon baya, ba kasafai hankalin iyalinsa ke tashi ba. Sai a ce tsufa ne, ko sanyin ƙashi, ko gajiyar noma ce ta shekara da shekaru ta taru. Sau da yawa kuma haka abin yake. Amma akwai wani ciwon bayan da ya sha bamban da waɗannan. Ya ƙi ci ya ƙi cinyewa wata da watanni, yana tsananta idan mutum ya motsa ko ya yi tari, kuma bai zo shi kaɗai ba. Mai shi ya yi fari fat saboda ƙarancin jini, ƙishirwa ta addabe shi, fitsari ya yawaita, bayan gida ya yi tauri, wani lokaci har ya riƙa magana ba kan gado. In aka auna jininsa sai a tarar ƙoda ta fara gazawa.

Abin da ke ɓatar da mutane shi ne kowane ƙorafi yana da inda ake kai shi. Ciwon baya a je kemis ko wurin mai ɗori, ƙarancin jini a sayo maganin ƙarin jini, ƙoda a nufi likitan ƙoda, ruɗewa kuwa wasu su ce iska ce. Alhali duk daga tushe ɗaya suka fito, wato wata sankara da ke zaune a cikin ɓargo, wadda likitoci ke kira mayeloma. Akwai kuma gwajin jini guda da kan tattara waɗannan ƙorafe-ƙorafe ya nuna inda suka samo asali. Sunansa ilektiroforesis na furotin ɗin jini, a takardar asibiti kuma ana rubuta shi SPEP.

A cikin ɓargo ake ƙera jini. Daga cikin ƙwayoyin halittar da ke zaune a wurin akwai wasu 'yan kaɗan da ake kira ƙwayoyin filasma, waɗanda ba su kai biyar cikin ɗari na ƙwayoyin ɓargon mai lafiya ba. Aikinsu ɗaya ne: ƙera furotin ɗin garkuwar jiki da ke kama ƙwayoyin cuta. Kowane dangi na waɗannan ƙwayoyi yana ƙera nasa nau'in, wannan na ƙyanda, wancan na ciwon huhu, wani na zazzaɓin da mutum ya yi tun yana yaro. Shi ya sa jinin mai lafiya ke ɗauke da dubban nau'o'i, kowanne ɗan kaɗan. Kowane furotin ɗin garkuwa an haɗa shi ne da sarƙoƙi huɗu, manya biyu da ƙanana biyu. Manyan su ne ke ba shi sunan da ake gani a takardar sakamako, kamar IgG da IgA. Ƙananan kuwa iri biyu ne, kafa da lamda. A riƙe zancen ƙananan sarƙoƙin nan, domin su ne ke yi wa ƙoda ɓarna.

Mayeloma tana farawa ne idan ƙwaya ɗaya tak ta lalace ta shiga hayayyafa ba tsayawa. 'Ya'yanta da jikokinta su cika ɓargo, kuma dukkansu furotin iri ɗaya suke ƙerawa, wanda ba ya kare jiki daga komai. Da suka mamaye wurin, sai ƙera jajayen ƙwayoyin jini ya ragu, ga ƙarancin jini ke nan. Ƙwayoyin filasma masu lafiya su ma su ja baya, sai mutum ya riƙa kamuwa da ciwon huhu da ciwon sanyin fitsari a kai a kai, duk da jininsa cike yake da furotin ɗin garkuwa.

Yadda take cin ƙashi

Mutane da yawa sun ɗauka ƙashi abu ne matacce da ba ya canzawa. Ba haka ba ne. Kullum akwai ƙwayoyi iri biyu da ke aiki a jikinsa, masu rushe tsohon ƙashi da masu gina sabo, kuma a jikin mai lafiya aikinsu kan zo daidai. Ƙwayoyin mayeloma suna fitar da sinadaran da ke zuga masu rushewa, suna kuma danne masu gini. Sai ƙashi ya zama kamar azarar da gara ta shiga: daga waje lafiya lau, ciki kuwa ramuka ne, ranar da aka ɗora mata nauyi sai ta karye. Wuraren da abin ya fi shafa su ne inda ɓargo mai ƙera jini ya fi yawa a jikin babba, wato ƙashin baya, haƙarƙari, ƙugu, ƙoƙon kai, da saman ƙashin cinya da na damtse. Shi ya sa ake samun wanda haƙarƙarinsa ya karye daga atishawa, ko wanda gaɓar bayansa ta lotse yana ɗaga buta. In gaɓoɓin baya da yawa suka lotse, mutum yakan rage tsawo ya ranƙwafa cikin 'yan watanni, iyali suna gani.

A hoton ƙoƙon kai ramukan kan fito a zagaye, baƙi-baƙi, masu kaifin baki. Sai dai hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna rami sai wajen kashi 30 cikin ɗari na ƙashin wurin ya tafi, don haka hoto mai kyau ba ya wanke mutum. Hoton CT ko na MRI ya fi shi gani da wuri. Akwai kuma wata alama da likita mai lura ke amfani da ita. Gwajin ALP, wanda ke tashi idan masu gina ƙashi suna aiki tuƙuru, yakan zauna daidai a mayeloma, tunda an danne su. Sankarar mafitsara ta maza idan ta bazu zuwa ƙashi akasin haka take yi, ƙashin ya yi fari a hoto, ALP ya hau.

Ƙashi shi ne ma'ajiyar kalsiyam na jiki, kusan kashi 99 cikin ɗari a can yake. Idan ana rushe shi ba gini, kalsiyam ɗin ya kwararo cikin jini. A jinin mai lafiya yana tsakanin 2.2 da 2.6 mmol/L. In ya wuce haka sosai, ƙoda ta kasa riƙe ruwa, sai fitsari ya yawaita, ƙishirwa ta biyo baya. Hanji ya yi sanyi, ga taurin bayan gida da tashin zuciya da rashin cin abinci. Ƙwaƙwalwa ma ta taɓu, daga kasala da yawan barci zuwa ruɗewa, har suma. Abin da ya fi muni shi ne abin yana ciyar da kansa: kalsiyam ya jawo bushewar jiki, bushewar ta rage aikin ƙoda, ƙodar ta kasa fitar da kalsiyam, shi kuma ya ƙara hawa.

Ƙoda da ƙananan sarƙoƙi

A nan ne ya kamata mai karatu ya fi tsayawa, domin a nan ne ake yin ɓarnar da ana iya kauce mata. Cikakken furotin ɗin garkuwa babba ne, ba ya ratsa matatar ƙoda. Amma ƙwayoyin mayeloma kan ƙera ƙananan sarƙoƙi fiye da kima, su riƙa yawo su kaɗai a jini, kuma su suna ratsawa. Ɗan kaɗan da mai lafiya ke fitarwa, farkon bututun ƙoda yana tsotse shi ya narkar. Idan suka yi yawa sai su fi ƙarfinsa su wuce ƙasa, su haɗu da wani furotin da ƙodar kanta ke fitarwa, su daskare su toshe bututun. Bututu bayan bututu na toshewa, ƙoda na mutuwa a hankali.

Abubuwan da ke hanzarta wannan daskarewa sanannu ne: bushewar jiki, hauhawar kalsiyam, zazzaɓi ko gudawa, da magungunan kashe ciwo irin su dikulofenak da ibufurofen da firoksikam. Waɗannan magunguna suna rage jinin da ke shiga matatar ƙoda. To, su ne kuma ainihin abin da ake miƙa wa mai ciwon baya a kemis, wani lokaci iri biyu ko uku a ƙulli ɗaya, ya sha safe da yamma har wata uku. A haɗa wannan da zafin bazara, da dattijon da ya dage sai ya yi azumi alhali addini ya yi wa marar lafiya rangwame. A ganina babu wani abu da ke kai mai wannan cuta ga injin wankin ƙoda cikin sauri kamar wannan haɗin, kuma duk wanda ke sayar da magani ya kamata ya san haka.

Wani tarkon kuma yana cikin gwajin fitsari. Ɗan tsinken takardar da ake tsomawa a fitsari a duba furotin, albumin yake ganewa, ba ya ganin ƙananan sarƙoƙi sosai. Sai a ga fitsari cike da su amma sakamako ya ce babu furotin, ko ɗan ɓurɓushi. Ƙoda na gazawa, tsinke na cewa lafiya, a wajen wanda ya haura hamsin: wannan saɓanin kansa alama ce.

Wannan furotin na fitsari shi ne abin da aka fara ganewa a tarihin cutar. A shekarar 1845 wani ɗan kasuwa a Landan, Thomas McBean, ya kwanta da matsanancin ciwon ƙirji da baya. Likitansa William Macintyre ya lura cewa idan aka ɗumama fitsarinsa sai wani abu ya daskare a ciki, in aka tafasa ya narke, in ya huce ya dawo. Aka aika wa Henry Bence Jones fitsarin ya bincika, kuma har yau da sunansa ake kiran furotin ɗin. McBean ya rasu a farkon 1846, aka tarar haƙarƙarinsa sun yi laushin da wuƙa ke yanka su. Sai a 1962 aka tabbatar cewa furotin ɗin Bence Jones ƙananan sarƙoƙin garkuwar jiki ne.

Gwajin da ke jera furotin

Duk wanda ya yi gwajin sikila kafin aure ya riga ya san ilektiroforesis, ko da bai san sunansa ba. Da wannan dabara ake raba AA da AS da SS. Bambancin shi ne a gwajin sikila sinadarin cikin jajayen ƙwayoyi ake rabawa, a nan kuwa furotin ɗin da ke cikin ruwan jini. Yana da kyau a san wannan, domin idan aka rubuta ilektiroforesis kawai, ana iya dawo wa mutum da sakamakon AA bayan ya biya kuɗi ya yi jira. A tabbata takardar ta ce SPEP. Masanin da ya inganta dabarar, Arne Tiselius ɗan ƙasar Suwidin, ya bayyana ta a 1937, ya kuma sami kyautar Nobel a 1948.

Ga yadda ake yi. A ɗebi jini a kwalbar da ba ta da maganin hana daskarewa, yawanci mai jan murfi, a bar shi ya daskare, a juya shi a inji, a kwashi ruwan ɗorawar da ya taso sama. A ɗiga kaɗan a kan wani faranti mai kauri-kauri da aka jiƙa da ruwan gishiri na musamman, sannan a kunna lantarki. A cikin wannan ruwa yawancin furotin suna ɗauke da cajin da ke sa gefe ɗaya na farantin ya ja su. Amma ba da gudu ɗaya suke tafiya ba, kowanne gwargwadon cajinsa da girmansa. Kafin awa guda sun rabu. Sai a kashe wuta, a rina farantin, layuka biyar su bayyana. Albumin ne a gaba, shi ya fi yawa ya kuma fi nisa. Bayansa alfa ta ɗaya, alfa ta biyu, beta, sannan gama a can baya kusa da inda aka ɗiga. Wata na'ura ta karanta duhun kowane layi ta zana shi a takarda, inda ya fi duhu zanen ya fi tsawo.

Yankin gama shi ne mazaunin yawancin furotin ɗin garkuwa. Tunda na mai lafiya dubban iri ne, kowanne da ɗan bambancin caji, ba sa tsayawa wuri ɗaya, sai su bazu. A faranti a ga shafe mai faɗi marar iyaka, a zane kuma ɗan tudu mai kwanciya. Amma idan dangi ɗaya ne ya ƙera furotin mai yawa, duk cajinsu ɗaya, gudunsu ɗaya, to wuri ɗaya za su tsaya. A faranti a ga siririn layi mai duhu da kaifin baki, a zane kuma dogon tsini. Wannan tsinin ake nema, kuma a sakamako akan kira shi furotin M. Galibi a gama yake fitowa, amma na IgA yakan laɓe a yankin beta, inda idon da bai ƙware ba zai iya wuce shi.

Bambancin tudu da tsini yana da nauyi ƙwarai a ƙasashenmu. Tarin tibi, ƙanjamau, daɗaɗɗen ciwon hanta da zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa duk suna sa garkuwar jiki ta ƙera furotin da yawa. Gwajin jimillar furotin zai nuna hauhawa a dukkansu, haka ma ESR. Amma tunda dangogi da yawa ne ke aiki, tudu ne zai ƙara girma, ba tsini ba. Tibin ƙashin baya ya fi kowa kama da mayeloma: ciwon baya, rama, ƙarancin jini, ESR a sama, gaɓar baya ta lotse. Likitoci na lura da cewa tibi yakan ci faifan da ke tsakanin gaɓoɓi biyu, mayeloma kuwa takan bar shi. Duk da haka ba ƙaramar asara ba ce a ɗora mutum a kan maganin tibi na watanni ba tare da an duba furotin ɗinsa ba.

Mu bi misali ɗaya daki-daki

Mu ƙaddara wani manomi ɗan shekara 58, ɗansa ya kawo shi asibiti. Wata biyar yana fama da ciwon ƙugu da haƙarƙari, yana shan dikulofenak kullum. Mako biyu ke nan ba ya cin abinci, sai ruwa. Likita ya ce, "Baba, da dare sau nawa kake tashi fitsari?" Ɗan ne ya amsa: "Wallahi likita, ba ya barci. Jiya ma bai gane ƙanwata ba."

Gwajin farko ya dawo. Jini, wato Hb, 8.1 g/dL, alhali na namiji mai lafiya 13 ne zuwa sama. ESR 120. Kiriyatinin, wanda ke nuna aikin ƙoda, 310 µmol/L, kusan ninki uku na iyakar lafiya. Kalsiyam 2.85, albumin 28 g/L, jimillar furotin 104 g/L. Tsinken fitsari ya nuna ɓurɓushin furotin kawai.

Lissafi biyu likita zai yi a bayan takarda, kuma ba sa buƙatar wata na'ura. Na farko, a cire albumin daga jimillar furotin: 104 a cire 28, saura 76. Wannan ragowar ita ce gulobulin, kuma a mai lafiya ba ta cika wuce 35 ba. Ke nan akwai wajen giram 40 na wani furotin a kowace litar jini da ba a san daga ina ya fito ba. Na biyu, gyaran kalsiyam. Kusan rabin kalsiyam na jini a manne yake da albumin, don haka idan albumin ya ragu, adadin da aka auna yakan ɓoye girman matsalar. Ƙa'idar ita ce:

gyararren kalsiyam = wanda aka auna + 0.02 × (40 − albumin)

A nan 40 a cire 28 ya ba da 12, sau 0.02 ya ba da 0.24, a tara da 2.85 ya zama 3.09. Wannan ya isa ya bayyana ƙishirwa da ruɗewar.

Ba a jira sakamakon SPEP kafin a ceci ƙoda. A ranar za a dakatar da dikulofenak, a ɗaura ƙarin ruwan gishiri ana lura da yawan fitsari, a ba shi maganin ciwon da ba ya taɓa ƙoda. Akwai allurar da ke dakatar da masu rushe ƙashi ta saukar da kalsiyam cikin 'yan kwanaki, irin su zolediron, amma sai likita ya auna ta da ƙarfin ƙodar, domin ita ma tana iya yi mata illa.

Sai SPEP ya dawo da dogon tsini a yankin gama, sauran gama kuwa ya kusa shafewa. Na'ura ta ce tsinin rabin dukkan furotin ne, wato rabin 104, giram 52 a lita. Gwajin ya nuna akwai furotin na dangi ɗaya, ya kuma faɗi yawansa, amma bai faɗi ko wane iri ba ne. Wannan aikin gwaji na biyu ne, imunofikseshan, IFE a takarda, inda ake sake jera furotin a layuka da yawa, a zuba wa kowane layi sinadarin da ke kama nau'i ɗaya. A misalinmu layin IgG da na kafa ne suka kama a daidai wurin tsinin. Daga nan likitan jini ya ɗebi ɓargo da allura daga bayan ƙashin ƙugu, bayan an kashe wurin. Aka tarar kashi 45 cikin ɗari ƙwayoyin filasma ne. Hoton ƙoƙon kai da na ƙugu suka nuna ramuka.

Ƙa'idar da likitocin duniya ke bi, wadda aka sabunta a 2014, galibi tana neman abu biyu: ƙwayoyin filasma na dangi ɗaya su kai kashi 10 cikin ɗari na ɓargo, sannan a ga ɓarnar da suka yi. Ɓarnar ita ce kalsiyam sama da 2.75, ko kiriyatinin sama da 177, ko Hb ƙasa da 10, ko rami a ƙashi. Ɗaya ma ya wadatar. Dattijon nan ya cika duka huɗun.

Inda gwajin ke gazawa

Tsini ba shi ne hukunci ba, rashinsa kuma ba wanka ba ne. Wani nazari da aka wallafa a 2003 a kan majinyata 1,027 na asibitin Mayo a Amurka ya nuna SPEP shi kaɗai ya ga tsini a kashi 82 cikin ɗari. Wato kusan mutum ɗaya cikin biyar ya tsallake. Yawancin waɗannan su ne waɗanda sankararsu ƙananan sarƙoƙi kawai take ƙerawa. Sarƙoƙin na fita ta fitsari da sauri, ba sa taruwa a jini har su yi tsini. Jimillar furotin ɗinsu daidai, ESR ma kan zauna daidai, yankin gama kuwa maimakon ya tashi sai ya kwanta ƙasa. Kuma su ne ƙodarsu ta fi shiga haɗari. Don haka in zargi ya yi ƙarfi, dole a haɗa da ilektiroforesis na fitsari, wanda aka fi so a tara na awa 24, ko gwajin ƙananan sarƙoƙi a jini, sFLC, da ke kwatanta yawan kafa da na lamda. A mai lafiya rabon yana tsakanin 0.26 da 1.65. In aka haɗa waɗannan gwaje-gwaje, 'yan ƙalilan ne ke kuɓucewa, kamar biyu ko uku cikin ɗari.

Akwai kuma tsinin ƙarya. Idan aka ɗebi jinin a kwalba mai maganin hana daskarewa, furotin ɗin da ke daskarar da jini zai rage a ciki, ya fito a siririn layi tsakanin beta da gama. Jinin da ƙwayoyinsa suka farfashe a hanya saboda zafi ko jijjiga shi ma kan ba da layin bogi. Wannan abin lura ne a inda sai an aika jini wani gari mai nisa. IFE ne ke warware irin wannan shakka.

Sannan akwai tsini na gaskiya da ba sankara ba. Mutane da yawa masu shekaru suna ɗauke da ƙaramin furotin M, ƙasa da giram 30 a lita, ƙwayoyin filasma ƙasa da kashi 10, kuma babu wata ɓarna. Ana rubuta wannan hali MGUS. Ba a ba shi magani, sa ido ake yi, domin kusan mutum ɗaya cikin ɗari ne ke rikiɗewa zuwa mayeloma ko danginta a kowace shekara. Abin ya shafe mu kai tsaye. Wani bincike da aka wallafa a 2007 a kan maza 917 'yan shekara 50 zuwa 74 a Akara ta ƙasar Gana ya sami wannan hali a kusan shida cikin ɗari, ninki biyu na fararen fata a jihar Minesota. A Amurka ma mayeloma ta ninka sau biyu a baƙaƙen fata, kuma takan kama su da ƙarancin shekaru. Saboda haka ƙarancin jin sunanta a garuruwanmu bai kamata ya sa a ɗauka cutar Turawa ba ce.

Bayan an gano ta

Har yanzu ba a cika warkar da mayeloma kwata-kwata ba, amma ana danne ta shekaru, kuma an sami ci gaba sosai tun daga ƙarshen shekarun 1990. Akan haɗa magani biyu ko uku, kamar bortezomib da talidomaid ko lenalidomaid, tare da dekisametason. Tsohon haɗin melfalan da firedinisolon yana nan ga wanda bai sami waɗancan ba. Masu sauran ƙarfi ana iya yi musu dashen ƙwayoyin ɓargonsu na kansu a inda ake da kayan aiki. Magungunan na da tsada, ba abin ɓoyewa ba ne. Sai dai ƙodar da aka tara da wuri takan farfaɗo, wani ma har ya bar wankin ƙoda.

SPEP bai gama aiki ba a nan, shi ne ma'aunin nasarar magani. Akan maimaita shi kusan kowane wata. Idan tsinin dattijon nan ya sauko daga 52 zuwa 26 ko ƙasa, magani ya fara ci. Kada a ƙosa a makon farko, domin IgG yana ɗaukar wajen mako uku kafin rabinsa ya bar jini, ƙananan sarƙoƙi ne ke faɗuwa da sauri. In tsini ya sake ɗagowa bayan ya kwanta, to cutar na dawowa, sau da yawa tun kafin mutum ya ji komai. Shi ya sa ake so a adana kowace takardar sakamako, kuma in da hali a riƙa yin gwajin a wuri ɗaya. Mai cutar ya riƙa shan ruwa sosai, wajen lita uku a rana, sai fa in likita ya taƙaita masa saboda ƙoda ko zuciya. Kada a bari a ja ko a murɗa ƙashin da ya karye ba tare da wani kwakkwaran dalili ba, a fara yin hoto. Idan kuma ƙafafu suka fara sanyi ko mutuwa, ko fitsari ya tsaya ko ya riƙa zuba ba sani, to laka ce ake dannewa, kuma a ranar ake zuwa asibiti, ba washegari ba.

Mai karatu, in kana da uba ko uwa ko wani naka da ya haura arba'in, ciwon baya ko na haƙarƙari ya wuce wata guda bai lafa ba, ga kasala da ƙarancin jini, ka karɓe ƙullin maganin kemis ɗin nan daga hannunsa. Ka kai shi a auna Hb, kiriyatinin, kalsiyam, albumin da jimillar furotin. In sakamakon ya karkace, ka roƙi likita ya rubuta SPEP tare da gwajin ƙananan sarƙoƙi, ya kuma tura ku sashen likitocin jini. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri duk suna da wannan sashe. Ku je tun ƙodar tana da sauran ƙarfi.